Gashin Bakin Efo Kpodo da Ƙwaryar da Ba Ta Jin Kunya

Duk wanda ya yi makarantar kwana ta garinmu, can gefen tafkin Volta, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa, ba zai ce maka waken safe mai ƙwari ba. Gashin bakin Efo Kpodo zai ce maka. Ni sunana Dogbe, tarihi na koyar a makarantar, kuma gidana yana manne da nasa a rukunin gidajen malamai. Bangon da ya raba mu ko tari ba ya tarewa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a kasuwa ba.

Efo Kpodo malamin lissafi ne, gajere, siriri, kansa tal kamar bayan ludayi. Yara sukan ce gashin kan ne ya gaji da zafin rana ya yi ƙaura zuwa ƙarƙashin hanci. Gashin baki ne na gaske, ya rufe leɓen sama ruf, gefe da gefe ya lanƙwasa sama. In yana tunani sai ya kama gefen dama yana murzawa. In ya kama na hagu, to wani ya shiga uku.

Matarsa, Sista Akpene, wadda yake kira Davi, ungozoma ce a asibitin gari, doguwa, mai murya. Rabin yaran makarantar ita ta karɓi haihuwarsu, shi ya sa ba ta shakkar kowa. Abu ɗaya ne ya gagare ta a duniya, shi ne wannan gashi. Da shi Efo ya je neman aurenta, da shi aka ɗaura, har suka aurar da 'yarsu ba ta taɓa ganin leɓen mijinta na sama ba. Ranar da aka yi akple, tuwon masarar garinmu, da miyar kuɓewa kuwa, ina zaune a barandata nake jin komai.

"Efo, goge bakinka mana. Rabin miyar tana can a rataye."

"Ajiye ta na yi, Davi. Da yamma yunwa take kama ni."

"Kai dai ka ji kunya. Shekara talatin ina tuƙa wa tsintsiya tuwo."

"Tsintsiyar ta taɓa yin ƙorafi?"

Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta taɓa sayo reza ta ajiye masa a kan Littafi Mai Tsarki. Ko gezau. Ya ce gashin ba nasa ba ne balle ya taɓa shi, jingina ce ya bayar.

Ga yadda jinginar take. Kowace shekara, in sababbin ɗalibai suka iso darasin yiwuwar aukuwar abu, Efo yakan shigo aji rungume da wata tsohuwar ƙwarya da aka rufe da ƙyalle. A ciki akwai murafan kwalba guda goma, iri ɗaya, girma ɗaya, an rubuta wa kowanne lamba a ciki da fenti, daga sifili zuwa tara. Sai ya raba ajin gida huɗu, kowane gida da allonsa. Kowane gida zai jefa kwabo a ɓoye, fuska ɗaya tana nufin ƙwarya, ɗayar tana nufin kai. Waɗanda kwabo ya ba ƙwarya za su girgiza, su zaro murfi ɗaya ba tare da sun leƙa ba, su rubuta lambar, su mayar da shi, su sake girgizawa, har sau ɗari. Waɗanda kwabo ya ba kai kuwa, daga kansu za su ƙago lambobi ɗari, su yi iya ƙoƙarinsu su yi kama da na ƙwarya. Shi kuma ya tafi ɗakin malamai ya sha shayinsa.

Kafin ya fita yakan dafa gashin bakin ya yi rantsuwar da duk garin ya haddace: "Ranar da na kira mai gaskiya maƙaryaci, a kira wanzami a aske wannan a gabanku."

Ku lura da wayon mutumin. Bai ce zai kama kowane maƙaryaci ba. In allo ya rikita shi, yakan ce, "Wannan ban taɓa shi ba," ya wuce. Amma in ya nuna allo ya ce "kai," to an gama. Sai ka ga yara sun yi tsuru-tsuru, sannan ajin ya fashe da ihu.

Ba a daɗe ba aka fara cewa asiri gare shi. Wasu suka ce a gashin bakin abin yake, shi ya sa yake murza shi. Wata uwa ta taɓa zuwa har ofishin shugaban makaranta ta ce a cire mata ɗa daga ajin boka. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan: mutum yana bayyana musu sirrinsa kyauta, da alli, kowace shekara, amma sun fi son a ce aljani ne.

Na taɓa zama a bayan ajin don in gani da idona. A shekarar akwai wata yarinya, Sefakor, mai bakin tsiya da kaifin kai, ita ce shugabar gidan da aka kama. Ta miƙe tana huci.

"Masta, wani ne ya faɗa maka."

"Ke kika faɗa mini, 'yata. Karanta mini layinki na farko."

"Uku, takwas, ɗaya, shida, huɗu, tara, biyu, bakwai, biyar, sifili."

"Madalla. Kowa ya samu rabonsa, kamar uwa tana raba wa 'ya'yanta soyayyen kifi. To karanta mini wancan layin na maƙwabtanku."

"Shida, biyu, tara, biyu, sifili, bakwai, bakwai, bakwai, huɗu, tara." Ta yatsina fuska. "Wannan ai shi ya fi kama da ƙarya. Bakwai har sau uku a jere?"

Efo ya ɗauki ƙwaryar ya girgiza ta a kunnenta. "In kika zaro bakwai kika mayar, murafai nawa ne a ciki?"

"Goma."

"Nawa ne bakwai?"

"Ɗaya."

"Ya san yanzun nan ya fito?"

Ajin ya yi dariya. Ya ce murfi ba ya tuna komai. Bakwai ɗin da ya fito yanzu, damarsa ta sake fitowa ɗaya ce cikin goma, daidai da ta kowa. Saboda haka a lambobi ɗari, za a sami wajen sau goma da lamba ta biyo bayan 'yar uwarta. Tagwaye yake kiran su. Wani lokaci su zo shida, wani lokaci sha huɗu, 'yan uku ma sukan leƙo fiye da yadda ake zato. Ya sa aka ƙirga na maƙwabtan, aka sami sha ɗaya. Aka ƙirga na Sefakor, aka sami ɗaya tilo, shi ma a can ƙarshe, da alama hannu ne ya gaji.

"A garin da ake yi wa tagwaye biki," in ji Efo, "ku kuma kun kore su daga allonku. Me suka yi muku?"

Ya ce laifin ba na wauta ba ne, na kunya ne. Mutum in ya rubuta bakwai, bakwai ɗin yana nan zaune a kansa, sai ya ji in ya sake rubuta shi za a ce bai gauraya ba. Yana so kowane ɗan yanki ya yi kama da gauraye, ko da lambobi biyar ne. Sai ya waiwaya ya ga ya daɗe bai rubuta biyu ba, tausayin biyu ya kama shi, ya jawo ta. Ƙwarya kuwa ba ta da kunya, ba ta da tausayi. Tana iya manta biyu har a yi zara ashirin ko talatin, ta kuma cika wuri da tara.

Daga nan ya nuna musu gwaji na biyu. Ka ɗauki lambobi goma a jere ka ƙirga fuskoki nawa ne daban-daban. Na ƙwarya yawanci shida ne ko bakwai. Na kai kuwa tara, goma. A sami layin da duk goman suka fito ba maimaici, irin na Sefakor, sai ka zari layi kusan dubu uku kafin ƙwarya ta ba ka ɗaya. Na uku kuma na gajiya ne: in kai ya gaji, sai ya zame ya koma ƙirgen 'yan firamare, huɗu biyar shida, tara takwas, ba tare da mai shi ya sani ba.

Sefakor ta zauna, idonta ƙyam a kan allon. Yarinyar nan daga baya ta tafi Accra ta karanci ƙididdiga, aikinta ya zama bin diddigin masu zaga ƙauyuka da tambayoyi, tana kama waɗanda suka zauna a gindin mangwaro suka cike amsoshi daga kansu. Ta ce da irin gwajin nan take kama su, don su ma kunyar tagwaye suke ji.

Kada ku ɗauka yaran ba su yi yaƙi ba. Manyan aji sukan sayar wa ƙanana sirrin da garin rogo da suga: "Ku sa tagwaye." Wata shekara Efo ya dawo ya tarar da allo da tagwaye goma cif, ɗaya a kowane layi, a tsakiya, kamar an dasa rogo. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ƙwarya takan jibge uku a layi ɗaya ta bar layi uku fayau, ba ta san adalci ba. Wata shekarar kuma suka cika allo da tagwaye har talatin. Wasu ƙalilan sun tsallake, ya ce bai taɓa su ba, kuma ya sayo musu abolo, wainar masararmu, da ƙananan kifi don girmamawa. Amma bai taɓa nuna na ƙwarya ya ce na kai ne ba.

Na tambaye shi wata rana ko ba ya tsoro. Ya ce yana ji mana. "Dogbe, ƙwaryar nan ba ƙawata ba ce. Wata rana za ta iya fitar da layukan da suka yi kama da na mutum, ba don komai ba sai don ta ga dama. Shi ya sa ba na buɗe baki sai abin ya yi nisa." Ya murza gefen dama. Na gane a ranar cewa gashin nan ba ado ba ne a wurinsa. Shaida ce da yake yawo da ita a fuska cewa bai taɓa ɗora wa yaro laifin da bai yi ba, kuma duk garin haka suke karanta ta.

Duk wannan bayani, Sista Akpene ta sha shi a kan tabarmar cin abinci fiye da kowane ɗalibi. Kowace shekara sai ya dawo gida ya ba ta labarin yadda aka yi, tagwaye nawa, wa ya yi kuka. Ta bangon nakan ji amsarta: "To. To. Ci abincinka, zai huce." Ni da shi duka mun ɗauka ta bayan kunnenta yake bi.

Da lokacin ritayarsa ya zo, makaranta ta shirya masa bikin sallama a babban zaure. Tsofaffin ɗalibai suka cika motoci daga Ho da Accra, masu kiɗanmu na gargajiya, borborbor, suka kafa ganguna a waje, surukansa suka zo daga ƙauye da kaya na gani na faɗa. Sefakor ce ta tashi ta ce ba za a sallami Masta ba sai an buga wasan ƙwarya na ƙarshe. Zaure ya ɗauki tafi. A nan ne na hango Atsu wanzami a layin gaba, da 'yar jakarsa a kan cinya.

"Atsu, wa ya gayyace ka?" na tambaye shi.

"Sista ce ta ce in zo in ci shinkafa."

"Da reza ake cin shinkafa?"

"Masta Dogbe, ni ban san inda aiki zai same ni ba."

Aka yi gida huɗu: ɗaliban yanzu, tsofaffin ɗalibai, malamai, sai gidan iyali da 'yan coci, wanda Sista Akpene da Osofo Adzaho, limamin cocin makaranta, suke ciki. Aka ce ɗalibai huɗu ne za su yi rubutun duka, don kada ya gane hannun kowa, kuma a juya allunan a canza musu wuri. Efo ya dafa gashin baki ya yi rantsuwarsa. Ni aka ba aikin tsare shi a ɗakin malamai. Ya sha shayi kofi biyu yana ba ni labarin gonar rogon da zai yi.

Aka kira mu, muka koma zaure. Efo ya tsaya gaban allo na farko, ya bi shi da yatsa, ya ce, "Ƙwarya." Ɗalibai suka yi tafi, nasu ne. Na biyu ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Kai. Kuma kan malamai ne, don babu mai tsoron sifili kamar wanda ya saba ba da shi." Shugaban makaranta ya rufe fuska da takardar jawabinsa. Na uku ya daɗe a kansa, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ban taɓa shi ba." Sefakor ta daka tsalle, don daga kanta ta ƙago shi, shekara da shekaru tana jiran wannan rana.

Sai na huɗu. Ya bi shi daga sama har ƙasa, ya koma sama. Ya kama gefen dama yana murzawa. Ina kusa da shi, na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Tara ta yi yawa, biyu ta ɓace kusan layi uku. Wannan halin ƙwarya ne. Amma ina tagwayen?"

Ya sake ƙirgawa da alli. Babu. Ko ɗaya babu a cikin lambobi ɗari.

"Efo," na raɗa masa, "ka ce ba ka taɓa shi ba mana, mu je mu ci shinkafa."

"Dogbe, ƙwarya ta yi zara ɗari ba tagwaye ko ɗaya? Sai an buga wasan nan sau dubu talatin da wani abu kafin a ga haka sau ɗaya. In na yi shiru a kan wannan, me na koyar?"

Ya saki gefen dama ya kama na hagu. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, "Kai. Akwai kan mutum a cikin wannan."

Kafin ya rufe baki Sista Akpene ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗaga ƙwarya sama. "Ni na zara, Efo. Da hannun nan. Kowace lamba da ke allon nan daga cikin ƙwaryar nan ta fito."

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Masu ganga a waje ba su san me ya faru ba, suka kama kiɗa kawai. Yara suka hau benci suna kiran sunan Atsu. Efo ya tsaya da alli a hannu, fuskarsa ta yi fari kamar allin.

Osofo Adzaho ya ɗaga hannu aka ɗan lafa. Mutum ne mai tsoron Allah wanda lissafinsa bai wuce na kuɗin baikon coci ba. Ya ce, "Jama'a, ni na riƙe ƙyallen. Ina shaida a gaban Allah, babu lambar da Sista ta faɗa da ba ta fito daga ƙwaryar nan ba. Ban taɓa ganin mai tsanaki irinta ba. Wani lokaci ma in ta duba ta ga bai gaurayu sosai ba, sai ta mayar ta sake girgizawa."

Jama'a suka sake tafi, sun ji shaidar gaskiya. Mu uku ne kawai muka ji abin da Osofo ya faɗa ba da saninsa ba: ni, da Efo, da Sefakor. Wato duk lokacin da murfin da ya fito ya sake fitowa, sai Sista ta ce bai gaurayu ba, ta jefa shi ciki ta zaro wani. Lambobin na ƙwarya ne, gaskiya ne, amma ita ta zaɓi waɗanda za a rubuta. Ta bar wa ƙwarya duk sauran halinta, ta tsince tagwayen kaɗai. Efo bai yi kuskure ba. Akwai kan mutum a ciki, kuma kan da yake kwana kusa da nasa ne.

Sefakor ta taso da sauri. "Masta, ai wannan ba..."

"Zauna, 'yata."

"Amma Masta, in ta mayar da..."

"Sefakor. Na ce ki zauna."

Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi, ƙwarya a hannu, ko ƙifta ido ba ta yi. Jimla ɗaya ta ishe shi ya tsira, kuma rabin zauren ɗalibansa ne, nan take za su gane. Amma rantsuwar ba ta da ƙofa ta uku. Ko dai ya kira mai gaskiya maƙaryaciya, ko kuwa wadda ya kira ɗin maƙaryaciya ce, a gaban yayyenta da suka zo daga ƙauye, da limaminta, da yaran da ta karɓa da hannunta. Raina ya ɓaci da matar nan a lokacin, ba zan ɓoye ba, har na ji kamar in yi maganar da kaina.

Efo ya ajiye allin a hankali, ya jawo kujera tsakiyar dandamali ya zauna.

"Atsu, zo ka yi aikinka. Ƙwarya ta ci ni."

Atsu ya fara da almakashi. Da gashin ya fara zuba a kan tawul, ihun ya mutu da kansa. Wasu tsofaffin ɗalibai, manyan mutane masu tumbi, na ga suna share ido. Da aka gama aka goge kumfa, sai ga wani ɗan leɓe siriri, fari fat, dogo, wanda rana ba ta taɓa gani ba. Ba zan yi wa abokina ƙarya ba: ya koma kamar kazar da aka fige. Wani yaro a baya ya kasa daurewa ya tuntsire, zauren duka ya bi shi, Efo ma ya yi dariya, kuma a ranar muka fara sanin yana da wushirya.

Da la'asar, bayan baƙi sun watse, na same su a barandarsu. Ban jira an ce in zauna ba. Efo yana ta shafa wurin da yatsa, yana neman abin murzawa babu.

"Davi," ya ce, "sau nawa kika mayar?"

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. "Wa ya ce na mayar?"

"Akpene."

"Sha ɗaya."

Sai ga mutumin nan ya buga cinya, baki har kunne. "Ka ji ko, Dogbe? Sha ɗaya! Na ce wajen goma ne! Ƙwaryata ba ta ci amanata ba."

"Kai dai ba ka da dama," in ji ta. "Shekara talatin kana zuba mini tagwaye a cikin miya, ka ɗauka kurma ka aura?" Ta ture farantin gyaɗar. "Na ga ka gane tun Osofo bai rufe baki ba. Me ya hana ka tona ni?"

"Gashi ne, Davi. A gaban yayyenki zan ce kin yi maguɗi saboda gashi?"

Ta sunkuyar da kai. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka kai 'yarta gidan miji, sai ga ta tana goge ido da bakin zane. Ta ɗago ta ƙare masa kallo, daga hanci zuwa haɓa, ta daɗe tana kallo.

"Efo."

"Na'am."

"Don Allah ka mayar da shi. Ban san haka abin yake ba."

"A'a," ya ce, yana shafa leɓen. "Duk garin nan sun ga na faɗi. In na bar shi ya tsiro, za a fara tambaya ko da gaske na faɗi, daga nan a zo kanki. Ni kuwa ba zan bari a taɓa mutuncin matata ba."

"Efo, kada ka yi mini haka."

"Ke kika nema, Sista."

Yau shekarunsa da ritaya sun yi nisa, yana can yana noman rogonsa, ƙwaryar kuma tana hannun Sefakor a Accra. Kowace safiya yakan fito da madubi da reza ya zauna a inda matarsa take shan koko, ya aske leɓen nan tas a gabanta, yana fito ta wushiryarsa. Ta roƙe shi, ta yi fushi, har ɓoye rezar ta yi a cikin buhun gari, ya je ya sayo wata. Na kai musu ziyara kwanan baya na tarar an yi miyar kuɓewa, ya cinye tas babu abin da ya rataye. Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Masta Dogbe, kai abokinsa ne, ka roƙar mini shi." Na ce mata ni malamin tarihi ne, abin da ya riga ya faru kaɗai na sani.